Lambar Rangwame Ba Ta Ganin Fuska

Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a Kantin Kwari ya san yadda ragi yake tafiya. Ka taya, mai shago ya ce albarka, ka ƙara, ya ɗan sauko, har a kai inda zai ce ya sallama. A cikin wannan 'yar taƙaddama mai shago yana yin lissafi iri uku ba tare da ya ɗauki biro ba. Ya san farashin da ya faɗa na yau ne, idan ka dawo bayan Sallah sai a sake sabon ciniki. Ya san fuskarka, saboda haka idan ya yi maka ragin baƙunta da safe, ba za ka dawo da yamma ka ce kai sabon baƙo ba ne. Ya kuma san inda uwar kuɗinsa take, don haka idan ya rage maka farashi, kana neman ya ƙara maka da kuɗin mota zai ce a'a, abin ya isa haka.

Mai sayar da kaya ta intanet ba ya tsaye a bakin shago. Abin da yake da shi a madadin wannan ciniki shi ne lambar rangwame, wato 'yan haruffa da alƙaluma irin su `SALLAH15` da mai saye zai rubuta a wani ɗan akwati kafin ya biya, sai kuɗin ya ragu. Lambar ba ta san yau daga gobe ba sai an faɗa mata. Ba ta gane fuska. Ba ta san nawa aka saro kayan ba. Duk abin da ɗan kasuwa yake yankewa da ido, ita sai an rubuta mata shi a matsayin doka tun kafin a sake ta, kuma abin da aka manta ba a rubuta ba, to ta yarda da shi ke nan.

Asalin abin takarda ne. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Coca-Cola a Amurka ya riƙa raba 'yan tikitoci da mutum zai miƙa a ba shi kofi ɗaya kyauta. Takarda kuwa tana da iyakarta a jikinta: adadin da aka buga shi ne adadin da ake da shi, kuma wanda ya miƙa tasa ta bar hannunsa. Lambar da ake rubutawa ba haka take ba. Mutum ɗaya ya saka ta a zauren WhatsApp, kafin magariba tana cikin wayoyi dubu, kuma kowa tasa tana aiki kamar ta farko.

Lissafin da ake fara yi

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wata Hajiya a Kano tana sayar da atamfa ta shafinta na intanet. Turmi ɗaya yana tsaya mata naira 15,000, tana sayarwa naira 20,000, ribarta naira 5,000. Azumi ya kai tsakiya, tana son ta jawo masu sayayyar Sallah, sai ta ce za ta yi ragin kashi 15 cikin 100.

Kashi 15 a kunne ba shi da yawa. Amma ragin daga farashin sayarwa ake cire shi, kuma daga riba yake fita gaba ɗaya. Kashi 15 na naira 20,000 shi ne naira 3,000, saura riba naira 2,000. Idan da tana sayar da turmi 100 ta sami naira 500,000, yanzu sai ta sayar da turmi 250 kafin ta ga wannan kuɗin. Wannan ba dalilin fasa ragi ba ne, domin mai sayen da ya zo yau saboda ragi yana iya dawowa bayan Sallah ya saya a cikakken farashi. Amma dole ta san cewa naira 2,000 ce kaɗai ta rage tsakaninta da asara a kowane turmi.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce: idan komai ya tafi ta hanya mafi muni, nawa wannan lambar za ta iya ci mini? Idan babu amsa da alƙaluma, lambar ba ta shirya fita ba. Amsar kuwa tana fitowa ne daga ninka abu biyu, wato sau nawa za a iya amfani da lambar gaba ɗaya, da kuma iyakar abin da za ta rage a kowane ciniki. Idan Hajiya ta ce mutum 200 na farko, kuma ragin ba zai wuce naira 3,000 a kan kowane mai saye ba, ta san iyakar abin da za ta sadaukar shi ne naira 600,000. Za ta iya duba wannan kuɗin ta ce na iya, ko ta ce a mayar da shi mutum 100.

Iyakar naira 3,000 ɗin nan ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Ba don ita ba, ɗan sari zai iya zuwa ya ɗauki turmi 50, kuɗinsu naira miliyan 1, lambar ta zabge masa naira 150,000 a zama ɗaya, ya kai kayan rumfarsa ya sayar. Ragin da aka yi don jawo masu saye ɗai-ɗai ya koma aljihun abokin gasa.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. A 1992 kamfanin Hoover mai ƙera na'urar share ƙura ya yi tayi a Birtaniya cewa duk wanda ya sayi kayansa na fam 100 ko fiye za a ba shi tikitin jirgi biyu kyauta, daga baya har aka faɗaɗa tayin zuwa Amurka. Kuɗin tikitocin ya ninka fam 100 sau da yawa, sai mutane suka riƙa sayen na'ura mafi araha don tikitin kawai. Kamfanin ya dogara da zaton cewa kaɗan ne za su bi dogon matakin neman tikitin har ƙarshe. Zaton bai yi daidai ba, abin ya ci kusan fam miliyan 50, aka sallami manyan shugabanni, aka yi shekaru ana shari'a, kuma a 1995 aka sayar da reshen kamfanin na Turai.

Yaushe ne "har zuwa Juma'a"?

Wa'adi yana da amfani biyu. Yana sa mai jinkiri ya yanke shawara, yana kuma hana tsohuwar lamba ta ci gaba da aiki bayan farashi ya canja. Na biyun ya fi damun mai sayar da kayan da ake shigowa da su. Idan canjin dala ya motsa, turmin da ya tsaya naira 15,000 ya koma naira 17,500, Hajiya kuma ba ta riga ta ɗaga farashi ba, lambar da ta manta ba ta kashe ba za ta sayar mata da shi naira 17,000. Kowane ciniki asarar naira 500 ne, ita kuwa tana ganin oda tana shigowa tana murna.

Sanya wa'adi abu ne mai sauƙi, faɗarsa daidai ne ke da wuya. Da farko akwai maganar ranar kanta. Abu ne da aka saba gani a rubuta "har zuwa ranar Sallah", alhali ranar Sallah sai an ga wata. A Najeriya ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, kuma yakan faru Nijar ta yi Sallah yau, Najeriya sai gobe. Kwamfuta ba ta jiran sanarwa, kwanan wata take so. Haka nan "daren Juma'a": a bakin Bahaushe daren da ke tsakanin Alhamis da Juma'a ke nan, domin dare ke gaba da rana a lissafinmu, amma wani mai karantawa zai ɗauka daren da ke bin yinin Juma'a ake nufi. Kwana guda cur ke tsakanin fahimtar biyu. Maganin shi ne a rubuta kwanan wata da ƙarfe, misali Juma'a 14 ga wata, ƙarfe 11:59 na dare, kuma a guji ƙarfe 12:00 na dare, don shi ma ba a san ko farkon ranar ba ne ko ƙarshenta.

Sai kuma yadda manhaja take fahimtar kwanan watan. WooCommerce, wadda ƙananan shaguna da yawa ke amfani da ita, tana da akwati mai suna `Coupon expiry date`. Ranar da aka rubuta a ciki, lambar tana mutuwa ne da ƙarfe 00:00 na wannan ranar, wato a farkonta. Idan Hajiya ta yi talla cewa ragi yana nan har 14 ga wata, ta kuma rubuta 14 a akwatin, duk wanda ya zo ranar 14 za a ce masa lamba ta ƙare. Ranar ƙarshe kuwa ita ce ranar da masu jinkiri suke tururuwa. Abin da ya kamata ta rubuta shi ne 15.

Akwai kuma agogon da shafin yake bi. Shafin da ba a gyara masa saiti ba yakan zauna a kan agogon UTC, wanda Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka riga shi da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi, Sudan ta riga shi da awa 2, Saudiyya da awa 3. Ga wadda masu sayenta duk a Kano suke, kuskuren awa ɗaya ne, lambar za ta ci gaba da aiki har ƙarfe 1 na dare. Ga mai abokan ciniki a Kumasi da Jidda, gara ta rubuta "agogon Najeriya" ƙarara a cikin tallar.

Abin da ya fi jawo rigima a wurinmu shi ne biya ta hanyar tura kuɗi daga banki. Mutum ya saka lamba ƙarfe 11:50, ya ga naira 17,000, ya tura, sabis ya yi nauyi, kuɗin bai bayyana ba sai ƙarfe 12:20. Wane lokaci za a kama? A ganina lokacin da ya tabbatar da oda shi ne ya kamata a kama, domin a lokacin ne aka nuna masa farashi ya amince, jinkirin banki kuma ba laifinsa ba ne. Amma sai a haɗa da ɗan wa'adin biya, a ce awa ɗaya ko biyu, wanda idan ya wuce ba a ga kuɗi ba odar ta warware. Idan babu wannan, wani zai yi oda a daren ƙarshe ya riƙe farashin, ya zo bayan mako biyu ya ce zai biya.

Wane ne "mutum ɗaya"?

Iyakar amfani iri biyu ce, kuma a WooCommerce akwatinsu daban-daban: `Usage limit per coupon` shi ne jimillar sau nawa lambar za ta yi aiki, `Usage limit per user` kuma sau nawa mutum ɗaya zai yi amfani da ita. Ta farko ƙidaya ce kawai. Ta biyu ce mai wahala, domin shafin bai san mutum ba, alamomin mutum kawai yake gani.

Alama mafi rauni ita ce imel. Buɗe sabo ba ya cin minti biyar, kuma ma ba sai an buɗe ba. Gmail ba ya la'akari da ɗigo a cikin sunan adireshi, kuma yana watsi da duk abin da aka rubuta bayan alamar `+`. Saboda haka `suna@gmail.com` da `su.na@gmail.com` da `suna+2@gmail.com` duk akwati ɗaya suke shiga, amma shafin da ba a koya masa ba zai ɗauke su mutum uku. Lambar waya ta fi ƙarfi, musamman idan ana tura saƙon tabbatarwa, sai dai ita ma tana da nata. Wanda ya rubuta ta da `0803` a farko da wanda ya rubuta `+234803` layi ɗaya suke nufi, dole a mayar da duk lambobi siga ɗaya kafin a kwatanta su. Sannan riƙe layi biyu ko uku ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Daga nan sai mai shago ya ce to bari in ƙara tsanani, in hana adireshi ɗaya ko asusun banki ɗaya amfani da lamba sau biyu. A nan nake son a yi hattara, domin dokar da aka tsara don wata ƙasa tana iya korar mutanen kirki a tamu. Gida ɗaya a Kano ko Damagaram yana iya ɗauke da mata uku ko huɗu da 'yan mata da surukai, kowacce da kuɗinta da zaɓinta, duk kwatancensu ɗaya. Mata da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke oda. Wasu kuma wurin mai POS suke zuwa ya tura musu, har a sami masu saye goma daga unguwa ɗaya kuɗinsu ya fito daga asusu guda. Idan shafin ya ɗauki duk waɗannan a matsayin mutum ɗaya mai wayo, Hajiya ta ceci naira 3,000 ta kuma ɓata wa gida guda rai.

Saboda haka tsananin ya kamata ya yi daidai da girman abin da ake karewa. Ga ragin da ko an maimaita shi akwai sauran riba, kamar na Hajiya mai barin naira 2,000, lambar waya da aka tabbatar ta isa. Wanda ya zo da layi na biyu ya sake saya, turmi biyu ta sayar, kuma iyakar mutum 200 tana nan tana tsare ta. Inda ake buƙatar ƙarin tsaro shi ne ragin da ke kai wa ƙasa da uwar kuɗi, irin wanda ake yi wa sabon mai saye da niyyar a yi asara a karon farko. A nan hanya mafi kyau ita ce a daina raba lamba ɗaya ga kowa, a ba kowane mutum tasa, mai aiki sau ɗaya. Ko ya saka ta a zaure, mutum ɗaya ne zai amfana. Wannan ya dawo da lambar ga halin takarda.

Irin waɗannan lambobi kada su zama masu bin juna, domin wanda aka ba `HAJ001` zai gwada `HAJ002`. A bar kwamfuta ta zaɓo haruffa barkatai. Idan aka cire masu rikitarwa, wato `O` da `0` da `I` da `1`, saura haruffa da alƙaluma 32, kuma lamba mai tsawon 8 daga cikinsu tana da siga fiye da tiriliyan 1. Babu mai dacewa da ita da ka, musamman idan shafin yana dakatar da wanda ya yi kuskure sau biyar a jere. A kuma guji ƙ da ɗ da ɓ a cikin lamba, don ba kowace waya ke da su ba.

Akwai wani ɓoyayyen rami da ya shafi wanda ya rubuta manhajar kansa. A ce saura gurbi ɗaya cikin 200, mutum biyu suka danna a daƙiƙa ɗaya. Shafin ya duba wa na farko ya ga 199, ya duba wa na biyu kafin ya rubuta na farko, shi ma ya ga 199, duka suka wuce. Masu wayo suna yin wannan da gangan, su aika buƙata 20 a tare da lamba mai aiki sau ɗaya. Maganin shi ne dubawa da ƙarawa su zama aiki ɗaya da ba ya rabuwa:

```sql
UPDATE codes SET used = used + 1
WHERE code = 'SALLAH15' AND used < 200;
```

Idan umarnin ya canja layi ɗaya, an ba da ragi. Idan bai canja komai ba, gurbi ya ƙare. Alamar cewa shago yana da wannan matsalar ita ce a ga ƙidaya ta kai 203 alhali iyaka 200 ce, ko a ga oda biyu na mutum ɗaya masu lokaci iri ɗaya har daƙiƙa.

Ragi a kan ragi

Mu koma wurin Hajiya. Ban da `SALLAH15`, tun bara tana da wata lamba, `MARABA10`, mai rage kashi 10 ga sabon mai saye. Tana kuma kai kaya kyauta a cikin gari ga wanda ya sayi na naira 20,000, abin da ke cin ta naira 2,500 wurin mai babur. Kowane ɗaya cikin ukun nan, shi kaɗai, yana barin riba: na farko naira 2,000, na biyu naira 3,000, na uku naira 2,500. Ba ta taɓa zama ta lissafa su a haɗe ba, domin a lokuta daban-daban ta ƙirƙiro su.

Sabuwar mai saye ta zo ta saka lambobin biyu. Idan shafin yana tara kason ne, 15 da 10 sun zama 25, an cire naira 5,000, ta biya naira 15,000, riba ta tafi duka. Idan kuwa yana cirewa bi da bi, zai fara sauko da kuɗin zuwa naira 17,000, sannan ya cire kashi 10 na wannan, ta biya naira 15,300. A WooCommerce akwai saiti mai suna `Calculate coupon discounts sequentially` da ke zaɓar tsakanin hanyoyin biyu. Sai kuma kai kaya: idan shafin yana duba farashin kafin ragi ne, ya ga naira 20,000, zai ba ta kyauta. Hajiya ta sayar da turmi a kan uwar kuɗi, ta kuma biya mai babur naira 2,500 daga aljihunta. Mai sayen ba ta yi wata dabara ba, abin da aka ba ta ta karɓa.

Ko jerin cirewa yana canja sakamako idan aka haɗa kaso da tsayayyen kuɗi. Ragin naira 2,000 da na kashi 15: idan aka fara cire 2,000 sannan kaso, za a biya naira 15,300, idan aka fara da kaso, naira 15,000. Bambancin naira 300 ne a turmi, a kan oda 200 ya zama naira 60,000.

Doka mafi aminci ga ƙaramin shago ita ce a hana haɗawa tun asali, sai abin da aka zauna aka lissafa aka yarda da shi. A WooCommerce wannan shi ne danna `Individual use only`, tare da `Exclude sale items` don kada lamba ta hau kan kayan da aka riga aka karya wa farashi. Wannan na biyun ne aka fi sakaci da shi, domin mai shago ba ya ɗaukar karya farashi a matsayin tayi na biyu, alhali shi ne. Shopify kuwa ya raba ragi gida uku, na kaya da na jimillar oda da na kuɗin aike, ya bar mai shago ya zaɓi wane zai haɗu da wane. Wannan rabon yana da amfani ko ga wanda ba ya amfani da Shopify, domin yana tilasta ka ka tambayi kanka game da kowane biyu daban. Hajiya tana iya yarda `MARABA10` ta haɗu da kai kaya kyauta, tunda saura naira 500 riba, ta hana `SALLAH15` haɗuwa da komai.

Idan mai saye ya zo da lambobi biyu da ba sa haɗuwa, wace za a bar masa? Adalci shi ne wadda ta fi rage masa, kuma a faɗa masa an yi hakan. Cire ta farko a ɓoye saboda ya saka ta biyu yana sa mutum ya biya fiye da abin da ya gani ɗazu, kuma idan ya lura ba zai ɗauke shi kuskuren na'ura ba.

Bayan an biya

Lamba ba ta gama aiki a wurin biya ba, domin ana dawo da kaya. A ce Hajiya ta yi wani tayin, ragin naira 5,000 ga wanda ya sayi na naira 40,000. Wani ya ɗauki turmi biyu ya biya naira 35,000, kwana biyu ya dawo da ɗaya. Idan ta mayar masa da naira 20,000, wato farashin da ke rubuce, ya tafi da turmi a naira 15,000, kuma bai cika sharaɗin tayin ba. Hanya biyu ce ta gaskiya. Ko a raba ragin a kan kayan, kowane turmi ya zama naira 17,500, a mayar masa da wannan. Ko a ce sharaɗi ya warware, a mayar masa da naira 15,000, turmin da ke hannunsa ya koma naira 20,000. Ta farko ta fi sauƙin bayani, ta biyu ta fi toshe ƙofa. Duk wadda aka zaɓa, a rubuta ta tun farko, domin faɗarta a karon farko ga mutumin da ke tsaye da kaya a hannu faɗa ne. Idan kuwa laifin na shago ne, aka aika masa launin da bai zaɓa ba ko kaya suka ƙare, a mayar masa da lambarsa ta sake aiki, ko da wa'adi ya wuce.

Rubuta sharuɗɗa a fili ba kyautatawa ba ce kawai. A Najeriya dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta tallar da ke yaudarar mai saye game da farashi. Wanda ya ɗaga farashi a ɓoye kafin ya sanar da ragi, ko ya yi shelar ragi ga kowa alhali na mutum 20 ne, yana wasa da wannan dokar, ban da amanar da ya zubar.

Saƙon da shafin ke nunawa idan lamba ta ƙi aiki shi ma yana cikin tsarin. "Lamba ba daidai ba" ba ta gaya wa mutum komai, sai ya yi ta sake rubutawa, daga ƙarshe ya rufe shafin. Ya kamata ya ji dalili: wa'adi ya ƙare ranar kaza, ko an riga an yi amfani da ita da wannan layin, ko saura naira 4,000 kayanka su kai adadin da ake buƙata. Wannan na ƙarshen sau da yawa yana sa mutum ya ƙara ɗan kwali ko mayafi a cikin odarsa.

Kafin ta saki talla, Hajiya ta ɗauki waya ta zama mai saye. Ta saka lambar sau biyu da layi ɗaya, sau ɗaya da `0803`, sau ɗaya da `+234803`. Ta gwada ta da ƙananan haruffa, da kuma fili a ƙarshe, kamar yadda take fitowa idan an kwafo daga WhatsApp. Ta haɗa ta da `MARABA10`, ta ɗora ta a kan kayan da aka karya wa farashi, ta zuba turmi 50 a kwando ta ga ko ragin ya tsaya a naira 3,000. Ta saka kaya biyu, ta shigar da lamba, ta cire ɗaya, ta duba ko shafin ya sake lissafi. Idan duk sun yi daidai, tallarta za ta iya fita da jimla uku: ragin kashi 15 har zuwa naira 3,000, ga mutum 200 na farko, sau ɗaya a kowane layin waya. Zai ƙare Juma'a 14 ga wata, ƙarfe 11:59 na dare agogon Najeriya. Ba ya haɗuwa da wani ragi ko kai kaya kyauta.

Bayan Sallah sai ta buɗe jerin odar 200 ɗin ta raba su biyu, waɗanda ba su taɓa saya a wurinta ba da tsofaffin abokan ciniki. Idan 150 tsofaffi ne da dama duk shekara suna sayen kayan Sallah a wurinta, naira 450,000 daga cikin 600,000 ta tafi ne ga cinikin da ko ba ragi zai zo, kuma badi lambar sai ta zama ta sababbi kaɗai, tsofaffin a yi musu wani abin daban. Sababbin 50 kuma ta riƙe lambobin wayarsu, ta duba a watan Babbar Sallah nawa ne suka dawo suka saya a naira 20,000.